Yoyon Rufi a Jikin Bango da Kwarin Kwano

Tambaya

Rufin kwanon wani gida a Tambuwal yana yoyo a wuri biyu tun damina ta farko, in ji kafintan da ya yi aikin, wanda ya aiko da wasiƙa daga Kebbe. Wuri na farko shi ne inda rufin sabon kicin ya jingina da bangon tsohon gini. Na biyu shi ne kwarin da rufi biyu suka haɗu. Ya ce ya lafta siminti a jikin bangon, ya bi da kwalta, amma da ruwan Agusta ya kankama sai silin ya sake jiƙewa, maigida kuma ya riƙe masa cikon kuɗi. Yana neman gyaran da zai ɗore.

Amsa

Siminti ba ya zama lafiya a kan kwano, domin kwano yana motsi, bango kuwa yana tsaye. Fallen ƙarfe mai tsawon mita 3 yana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya da rabi idan zafinsa ya hau da digiri 40, na alminiyam kuma ninkin haka. A kudancin Sakkwato, inda ranar Afrilu ke gasa rufi sannan dare ya sanyaya shi, wannan miƙewa da tsukewa suna tsaga simintin kafin ruwan farko ya sauka. Kwalta ma bushewa take yi ta dare. Abin da ke tsare ruwa shi ne kwano a kan kwano, na sama ya hau kan na ƙasa.

A jikin bango ana bukatar falle biyu. Da farko a fasa tsohon simintin duka, a sa filaya a ɗaga bakin kowane kwarin kwanon rufin sama kaɗan, don kada iska ta turo ruwa baya. Sai a lanƙwasa falle na farko: inci 6 ya hau bango, aƙalla inci 6 ya kwanta kan rufi, a kafe shi a kan tudun kwano, ba a cikin kwarinsa ba. Idan bangon yana gefen rufin ne, fallen ya rufe tudu biyu. Daga nan a yanka tsagi mai zurfin inci ɗaya a bango, dab da saman fallen, a cusa bakin falle na biyu a ciki, a cike da siminti, ya sauko ya lulluɓe na farko da inci 3. Ba a haɗa su da ƙusa. Na farko yana bin motsin rufi, na biyu yana zaune da bango. In alminiyam ne, a shafa wa bakin da zai shiga tsagin fentin kwalta, saboda ɗanyen siminti yana cin alminiyam.

Kwari shi ne ya fi ko'ina ɗaukar ruwa, kuma nan ne kafintoci suka fi yin tsimin kwano, abin da ba ya da riba ko kaɗan. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan rufin da ke zuba a kwarin ya kai murabba'in mita 40, aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, lita 40 ce ke bi ta cikinsa kowane minti, wato bokiti biyu masu lita 20. Siririn falle ba zai ɗauki wannan ba. Faɗin fallen kwarin ya kai inci 18 zuwa 24, a shimfiɗa masa katako a ƙasa, a naɗe gefunansa sama kamar kalmasa. Ana jera shi daga ƙasa zuwa sama, kowane ya hau kan na ƙasa da inci 8, kuma ƙusa ba ta taɓa tsakiyarsa. Kwanon rufin ya leƙo cikinsa da aƙalla inci 2 ta kowane gefe, a bar hanya buɗe mai inci 4 zuwa 6. Matsattsen kwari yana tara ƙurar hunturu da ganyen darbejiya, ruwa ya taru ya tsallake gefe, don haka a share shi a watan Mayu.

Bututun hayaƙi na bulo, irin na gidan burodi, tsarinsa ɗaya da bango: fallen gaba, sai na gefuna, sai na baya, wanda ke shiga ƙarƙashin kwanon rufi. In bututun yana da faɗi, a yi wa bayansa ɗan tudu da zai raba ruwa gida biyu.

Kafin a rufe silin, a gwada aikin da ruwa. Mutum ɗaya ya tsaya a ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa daga ƙasan rufi yana hawa sannu a hankali, yana dakatawa 'yan mintoci a kowane mataki. Ruwa yakan bi katako ya ɗiga nesa da inda ya shigo, saboda haka matakin da ɗigo ya fara bayyana shi ne ake buɗewa, ba wurin da tabo ya fito a silin ba.