Me ya sa lilona ya ba ni 11.8 maimakon 9.8?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sakandare a nan Totsi, cikin Lome. Malamin fiziks ya ce kowa ya haɗa fendulum a gida, ya auna ƙarfin jan ƙasa, wato g. Na ɗaura dutse a zare mai tsawon santimita 30, na kama lokacin lilo ɗaya da agogon waya, na samu sakan 1.0. Da na yi lissafi sai g ya fito 11.8, alhali littafinmu ya ce 9.8. Ko dai kayan gida ba sa iya wannan aiki?

Amsa: Suna iyawa sarai, 'yata, kuma lissafinki daidai yake. Matsalar tana wajen awo: zarenki ya yi gajere, kuma lilo ɗaya tak kika kama.

Ƙa'idar da kika yi aiki da ita ita ce g = 4π²L/T². L tsawon lilon ne a mita, T kuma lokacin zuwa da dawowa ɗaya a sakan, shi kuwa 4π² ya kama 39.48. Lilo mai santimita 30 a Lome yana cin sakan 1.1 kafin ya je ya dawo. Ke kin samu 1.0. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, amma tunda T sau kansa ake yi, kuskuren kashi goma cikin ɗari yakan koma kusan kashi ashirin. Da yatsanki ya makara kin samu 1.2, da g ɗinki ya faɗo 8.2. Yatsan mutum kuwa, komai hanzarinsa, yakan yi gaba ko baya da kamar sakan 0.2 wajen danna agogo. Ba a raba mutum da wannan, sai dai a yi dabarar da kuskuren zai zama ɗan ƙanƙani a cikin babban lokaci.

Ki fara da sauya kaya. Dutse ba shi da fasali ɗaya, ba za ki san inda tsakiyar nauyinsa take ba. Ki roƙi bakaniken babur na unguwa ya ba ki babban noti na ƙarfe, ko ki samo dalmar da masunta ke ɗaurawa a raga. Zare kuma ki nemi irin na masu ɗinkin takalmi. Na roba yana miƙewa idan ya ji nauyi, tsawon da kika auna da safe ba shi za ki tarar da rana ba. Kada ki naɗa zaren a jikin ƙusa, domin wurin da yake juyawa zai riƙa sauyawa. Ki matse shi tsakanin 'yan katako biyu ko kwabbai biyu, ki ɗaure su a saman ƙofa, yadda zai fito daga baki ɗaya mai kaifi. Tsawo ya kai mita 1.50, kuma da tef na kafinta za ki auna. Tef ɗin tela, in ya tsufa, ya riga ya saki.

Daga ina zuwa ina? Daga bakin matsewar zuwa tsakiyar notin, yana rataye. Ɗalibai da yawa a ƙullin zare suke tsayawa, su bar santimita biyu ko uku a waje.

Ki kashe fanka, ki rufe taga, don iskar teku da ke kaɗawa da yamma a Lome ta isa ta karkatar da lilo. Ki zana layi da alli a ƙasa daidai inda notin yake tsaye. Ki ja shi gefe kamar santimita 15 kawai, ki sake shi ba tare da turawa ba. In kin ga yana zagaye kamar mai zana ƙwai, ki tsayar ki sake. Ki bar shi ya yi lilo biyu ko uku, sannan ki danna agogo a lokacin da ya gifta layin allin, domin a nan yake da sauri, ido ya fi tantance lokacin. A can ƙarshe yakan yi jinkiri, sai mutum ya rasa yaushe ya juya. Da kin danna ki ce “sifili”, kada ki ce “ɗaya”. Ɗaya sai ya sake gifta layin yana fuskantar ɓangaren da ya nufa da farko. Ki ƙirga har hamsin.

A ce agogo ya nuna sakan 123.0. Raba da 50, T ya zama 2.46. Sau kansa, 6.05. Sai 39.48 sau 1.50, wato 59.22, a raba da 6.05, a samu kusan 9.79. Yanzu ki mayar da kuskuren yatsan nan: in kin makara kin samu 123.2, g zai zama 9.75, in kin yi gaggawa kin samu 122.8, zai zama 9.82. Yatsan bai sauya ba, amma ɓarnarsa ta zama ba a bakin komai ba. Ki maimaita sau uku ki ɗauki matsakaici.

Abin da na fi so a wannan gwaji shi ne amsar da ta karkace tana nuna inda aka yi tuntuɓe. In kin ga 10.2, kusan tabbas kin fara ƙirga da “ɗaya”, lilo 49 kika kama kika raba da 50. In 9.6 ya fito kuma ya ƙi motsi duk maimaitawa, koma kan tef: santimita uku da aka manta cikin 150 su ke ba da wannan. In kin ja notin nesa sosai, kamar digiri 30, lilon yakan ɗan ƙara jinkiri, g ya sauko wajen 9.45, domin ƙa'idar ta ƙaramin lilo ce. In kuwa kin samu abu kusa da 39, rabin lilo kika ƙirga a matsayin cikakke. Nauyin notin bai shiga lissafi ba ko kaɗan. Ki sa wanda ya ninka shi nauyi, in tsawon bai sauya ba lokacin ma ba zai sauya ba.

Saura 9.8 ɗin littafi. Taƙaitawa ce. A Paris g ya kai 9.81, a Lome kuwa, da take kusan digiri 6 arewa da layin da ya raba duniya biyu, 9.78 ne. Juyawar duniya tana rage jan a wannan yanki, kuma duniyar ta ɗan kumbura a tsakiya, don haka mun fi mutanen Turai nisa da cibiyarta. Da lilo aka fara gane wannan. A 1672 wani Bafaranshe masanin taurari, Jean Richer, ya je Cayenne a Kudancin Amurka, garin da kusancinsa da layin ya yi kama da na Lome. Agogonsa mai fendulum da aka saita a Paris ya riƙa yin baya da kamar minti biyu da rabi kullum, sai da ya rage tsawon lilon da kusan milimita uku. Isaac Newton ya kawo wannan awo a littafinsa na 1687 wajen bayanin kumburin duniya.

Kada dai ki ce wa malaminku kin tabbatar da 9.78 da noti da zare. Tazarar Paris da Lome kashi uku ce cikin dubu, kuskuren rabin santimita a tef ya cinye ta. Ki rubuta lokutan uku yadda suka fito, har wanda bai yi miki daɗi ba, da tsawon zaren da yadda kika auna shi, sannan ki ba da amsa a matsayin 9.8 ± 0.1.