Azurfar Kaka Ta Yi Baƙi? Ga Yadda Za Ka Dawo Mata Da Haskenta

A garuruwanmu na arewacin Kano, irin su Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci, da wuya ka shiga babban gida ba ka samu tsohuwar azurfa ƙulle a tsumma ba: awarwaro, zobe, 'yan kunne ko sarƙa. Da yawansu maƙeran fari ne suka ƙera su da narkakken tsohon kuɗi, musamman liyari, kuɗin nan mai hoton Maria Theresa da shekarar 1780 a jikinsa, wanda kashi 83 cikin ɗari nasa azurfa ne. In biki ya matso aka kwance ƙullin, sai a tarar sun yi baƙi ƙirin. Abin da aka saba shi ne a dirje su da toka ko yashi. Suna yin haske kam, amma kowace dirza tana tafiya da azurfar, shi ya sa za ka ga zanen tsohon awarwaro ya shafe. Akwai hanyar da ba ta cin azurfar, kuma ɗalibin da ya zauna a ajin kimiyya ya riga ya san sirrinta.

Mene ne baƙin?

Ba datti ba ne, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi. Azurfa ce ta haɗu da sinadarin farar wuta, suka zama wani abu daban, Ag₂S. Farar wutar tana zuwa ne a iska, cikin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, H₂S. A karkara ba ta da wuyar samu: tulin takin da ake tarawa kafin a kai gona, kashin kaji, da masai duk suna fitar da ita. Ƙwai, albasa, robar ɗaure kuɗi da sabulun farar wuta su ma suna baƙanta azurfa. Damshin damina kuwa yana ƙara wa abin sauri. Launin yana farawa daga rawaya-rawaya, ya koma ruwan ƙasa, sannan baƙi.

Yadda alminiyam yake aikin

Alminiyam ya fi azurfa saurin sakin lantarkinsa. Idan ƙarafan biyu suka taɓa juna a cikin ruwan da lantarki ke iya ratsawa, sai su zama ƙaramin batir. Alminiyam ya miƙa lantarki, azurfar da ke cikin baƙin ta karɓa ta koma azurfa tsantsa a inda take, farar wutar kuma ta rabu da ita:

3Ag₂S + 2Al + 6H₂O → 6Ag + 2Al(OH)₃ + 3H₂S

Ku duba nauyin: giram 54 na alminiyam yana kwance wajen giram 648 na azurfa, wato giram 1 yana wa giram 12 aiki. Ke nan ɗan guntun takardar alminiyam, wadda ake kira foyil, ya isa. Shi kuma bekin soda, NaHCO₃, aiki biyu yake yi. Yana ba lantarki hanya a cikin ruwan, kuma tare da zafi yana taimakawa wajen karya siririn ɓawon da ke rufe alminiyam, wanda ke hana shi aiki.

Mu gwada da awarwaro biyu

A ce Gwaggo ta ba ka awarwaro biyu masu kauri, marasa dutse, sun yi baƙi gaba ɗaya. Fara wanke su da sabulu, domin maiƙo da man shafawa suna tare ruwan. Samo kwanon tangaran ko roba mai jure zafi, ka shimfiɗa foyil a gindinsa. Ɗora awarwaron a kai, kowanne yana taɓa foyil ɗin da kansa, ba ɗaya a kan ɗaya ba.

Tafasa ruwa lita 1, wato ledar fiya wata biyu. Barbaɗa bekin soda cokalin cin abinci 2 a kan awarwaron, da gishiri rabin cokali in kana so aikin ya yi sauri. Zuba ruwan a hankali har ya rufe su, domin zai yi kumfa ya taso. Cikin minti ɗaya za ka ji ɗan warin ƙwai, alamar aiki ya kankama, saboda haka a tsakar gida za ka yi, ba a ɗaki rufe ba. Bayan minti 3 ka juya su da tsinke ko cokalin katako, ka ƙara musu minti 2.

Tsamo su, ka ɗauraye da ruwa mai kyau, ka goge da tsumman auduga mai laushi har su bushe sarai. Kada ka damu in sun fito fari dishi-dishi, gogar tsumman ce ke kawo ƙyallin. In akwai sauran baƙi, sake da sabon foyil da sabon ruwa. Tsohon baƙi yakan ci zagaye biyu ko uku.

In bai yi ba, me ya faru?

Idan ba wari kuma launi bai motsa ba, duba abu uku. Ko azurfar ba ta taɓa foyil ba, ko ruwan ya huce, ko kuma mai shago ya ba ka bekin foda maimakon bekin soda. Foda tana ɗauke da sinadari mai tsami da gari, ba za ta yi aikin da kyau ba. Karanta gwangwanin kafin ka biya.

Idan duk wannan daidai ne amma shiru, wataƙila abin ba azurfa ba ne. Nemi tambarin 925 ko 800 a jikinsa. Sai dai aikin maƙeranmu na gargajiya galibi ba shi da tambari, don haka rashinsa ba hujja ba ce. Kore-koren da ke fitowa a lungu kuwa na jan ƙarfen da aka gauraya ne, wannan hanyar ba dominsa aka yi ta ba.

A ƙauyen da babu bekin soda, kanwa za ta iya tsayawa, domin dangin sinadari ɗaya ne. Jiƙa ta, ka tace da tsumma saboda yashin cikinta, kada ya karce kayan.

Abin da ba a sakawa

Kada ka saka sarƙar da ke da murjani ko duwatsun da aka manna da gam, zafi zai ɓata su ko ya ɓamɓare su. Haka kayan Buzaye irin na Agadas, waɗanda baƙin da ke cikin zanensu shi ne adonsu. Ruwan bai san ado ba, zai share shi duka.

Cokula kuma sai an duba bayansu. Mai rubutun EPNS wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa. Yana wankuwa, har ma hanyar ta fi masa dirza sauƙi, amma inda ruwan azurfar ya riga ya goge ba zai dawo ba. Wuƙa mai ƙota da aka haɗa da danƙo kada ta shiga tafasasshen ruwa. Mai rubutun stainless steel kuwa ba azurfa a jikinsa, sabulu ya ishe shi.

Bayan wanki, azurfar za ta iya sake baƙi da wuri in an bar ta a fili. Naɗe kowane abu a busasshen tsumman auduga, ka sa a leda mai zif, ka matse iskar, ka ajiye nesa da akurki da madafi. Kuma kada a ɗaure ƙullin da roba.