Darasi na Ma'aji: Kuɗin Amana da Kuɗin Ƙungiya

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan kuɗin da aka ba ƙungiya da sharaɗi ne. Irin wannan kuɗi muna ce da shi kuɗin amana, domin mai kyautar ya riga ya faɗi aikin da za a yi da shi. Ko da yake yana cikin asusunmu na banki, ba mu da ikon juya shi zuwa wani aiki sai da yardarsa a rubuce.

Layi uku a littafi

Ma'aji ya sami babban littafi, ya ja layi uku bayan gurbin kwanan wata, da bayani, da lambar rasit. Na fari na kuɗin ƙungiya ne, wato kuɗin wata-wata da 'yan ƙungiya ke biya. Na biyu na kuɗin amana ne, kowace kyauta da layinta. Na uku na ciniki ne, wato abin da muka samu daga waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Kowace naira da ta shiga ko ta fita a rubuta ta ran nan, a layi ɗaya tak.

Ga misali

A ce wata ƙungiyar masu noman rani a bakin Kogin Wudil tana da ₦80,000 a farkon Janairu. Mutum 40 suka biya ₦1,000 kowannensu, aka kashe ₦30,000 wajen taro da kuɗin mota. Saura ₦90,000 a layin fari.

Sai aka ba su kyautar ₦600,000 domin sayen injin ban ruwa guda biyu. Injunan sun ci ₦440,000, tiyo ₦70,000, dako ₦15,000. Saura ₦75,000 a layin amana. Suka kuma ba maƙwabta hayar inji, suka sami ₦25,000 a layin ciniki.

In aka tara layukan, ₦190,000 ke nan, kuma abin da ke banki da akwati tilas ya yi daidai da haka. Amma nasu na kashewa ₦115,000 ne kawai.

To, a ce shugaba ya ga ₦190,000, ya sa aka sayo taki na ₦130,000. Ba wanda ya saci ko kwabo, duk da haka an taɓa amana. Yaya za mu gane? Mu ƙirga abin da ya rage: ₦60,000 ne, alhali littafi ya ce amana kaɗai ₦75,000 ce. Duk ran da kuɗin hannu da na banki suka kasa kai ragowar amana, an ci amana ke nan, a nan da ₦15,000. Maganinsa a mayar da kuɗin, a rubuta a littafin taro. Ragowar kuwa a rubuta wa mai kyautar, ya ce a mayar masa ko a yi wani aiki da ita.

Batun haraji

Da yawa suna tsammani ƙungiyar da aka yafe wa haraji ba ruwanta da hukuma. Ba haka ba ne. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta yafe wa ƙungiyoyin taimakon jama'a haraji, amma ban da ribar da suka samu ta ciniki. Dalilin layi na uku ke nan. In an cuɗanya kuɗin haya da kyauta, ba mu da hanyar nuna wanda aka yafe.

Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, dokar 2020 ta ce ta kai rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ta kuma adana littattafanta shekara 6. Ban da wannan, tana bukatar lambar haraji, ta kai bayanin kuɗinta ga hukumar haraji ta tarayya kowace shekara, ko da ba abin biya. Ƙungiyar gama kai kuwa rajistarta a ofishin gama kai na Jihar Kano take, can take kai lissafinta. In muna da ma'aikaci wanda albashinsa ya kai a cire haraji, sai mu cire mu kai hukumar haraji ta jiha.

Aikin taro na gaba

1. Ma'aji ya karanta ragowar kowane layi a gaban kowa.
2. Mutum biyu da ba su riƙe kuɗi su ƙirga akwati, su duba takardar banki.
3. Magatakarda ya nemo takardar kowace kyauta, ya karanta sharaɗinta.
4. A binciko takardar rajistarmu, mu san ofishin da ke jiran rahotonmu, da watan da za a kai.