Ku Ɗaga Leɓen Yaro Ku Duba

Iyayena mata da 'yan'uwana na Riko, kafin a fara allurar rigakafi, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga tsallaken iyaka, ta wajen Maraɗi, ta kawo mini ɗanta ɗan shekara biyu, wai ya ƙi cin abinci. Da na ɗaga leɓensa na sama, sai ga haƙora huɗu na gaba sun yi baƙi, sun zaizaye har gindi, amma na ƙasa lafiya lau. Na tambaye ta, "Da me yake kwana a baki?" Ta ce tun da ta yaye shi, koko da sukari take zuba masa a fida, yana tsotsa har barci ya ɗauke shi.

To, nan gizo ke saƙar. Idan yaro ya yi barci, yawun bakinsa raguwa yake yi, sai zaƙin ya kwanta a kan haƙoran sama. Ƙwayoyin cutar da ke baki su ci sukarin, su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa cin haƙori dare bayan dare. Na ƙasa harshe ne ke rufe su, shi ya sa suka tsira. Kuma ba da baƙi abin yake farawa ba. Wani farin layi ne kamar alli yake fitowa a gindin haƙori, daf da dasashi. In an gan shi a lokacin, ana iya tsayar da ɓarnar.

Tun haƙori bai fito ba, ki wanke hannu, ki naɗe yatsa da ƙyalle mai tsabta, ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ki goge masa dasashi safe da dare. Haƙorin farko yakan leƙo wajen wata shida. Daga ranar sai ƙaramin buroshi mai laushi, da man goge baki mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa ɗaya tak. Goge na dare ya fi muhimmanci, bayansa kada a sake ba shi mai zaƙi.

Wata shidan farko nono zalla. In an fara kunu, a ba shi da kofi da cokali, ba sukari. Shayi da lemon kwalba ba na jariri ba ne, zuma kuwa sai ya cika shekara. Kakanni, ku yi mini afuwa, na san ƙauna ce.

Wasu na cewa ai haƙoran nono ne, faɗuwa za su yi. Amma turamen ciki sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, da su zai yi tauna duk tsawon nan.

Yau in kin koma gida, ki ɗaga leɓen ɗanki a cikin haske. In kin ga farin layin nan, ki kawo mana shi asibiti.