Kafin Ka Miƙa Makulli: Shawarwari Ga Mai Gidan Haya

Duk watan Oktoba, da an koma makaranta, malaman da aka turo aiki Agye, Gazawa ko Gidan Rumji sukan shiga neman ɗaki. Sau da yawa ɗakin yana cikin gidan da mai shi ke zaune da iyalinsa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maganinsa a faɗi ƙa'ida tun ranar farko.

1. Yi maganar kafin ka karɓi kuɗi. Ku zauna a zaure da shaidu biyu, ka faɗi sharuɗɗanka, ɗan haya ma ya faɗi nasa. Ƙa'idar da ta ɓullo bayan an biya haya ita ke kai mutane gaban mai unguwa.

2. Baƙi. Ka faɗa a fili: "Malam, baƙonka namiji ya yi sallama ya tsaya a zaure, don akwai iyali a ciki. In wani zai kwana, ka sanar da ni tun da rana." Ku tsayar da lokacin rufe ƙofa, ka kuma ba shi makullinta.

3. Ruwa. Nan rigima ta fi yawa. A raba kuɗin pampo bisa yawan mutane, domin rabon ɗaki-ɗaki yana cutar gwauro. A ce takardar wata ta zo jika shida, mutanen gida goma sha biyu: naka shida, malam da iyalinsa huɗu, gwauraye biyu. Kowane kai ya tashi dala ɗari. Kai ka biya jika uku, malam jika biyu, kowane gwauro dala ɗari. Ka nuna wa kowa takardar. In kuɗin ya yi tsalle, a rufe pampo duka a duba kwantar. In tana juyawa, tiyo ne ke yoyo, gyaransa kuwa naka ne. Ranar da ruwa ya ɗauke, kowa ya sayi bidonsa wurin ga-ruwa.

4. Girki. Ka nuna masa wurin murhu, nesa da rumbu da dangar kara, musamman lokacin hunturu da iska ke kwasar wuta. Kada a shiga ɗaki da gawayi a rufe ƙofa don jin ɗumi: iskarsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

5. Tsakar gida da makewayi. A yi kwana-kwana wajen shara da wanke salga. Ku shirya tun yanzu yadda za a raba kuɗin kwashe ta in ta cika. Ruwan wanki ya bi rariya, kada ya kwanta a gindin katangar ƙasa.

6. Kai ma ƙa'ida ta hau kanka. Kada ka shiga ɗakinsa ba izini, kuma ka toshe yoyon rufi kafin damina ta faɗi.

Mai gida, dokar da ƴaƴanka ba sa bi, kada ka ɗora wa ɗan haya.