Yadda ake ƙirga maki a wasan tanis, daga lof zuwa taibirek

Duk matashin da ya saba buga tebur tanis a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya riga ya san rabin lissafin tanis na fili, domin ya san idan aka yi 10-10 sai mutum ya ba da ratar maki biyu kafin ya ci. Wannan ratar ita ce ginshiƙin lissafin nan ma, sunayen makin ne kawai suke rikita mai kallo.

Fara da gem, wato ƙaramin zagaye da mutum ɗaya yake yin sabis tun daga farkonsa har ƙarshe. Wanda bai ci komai ba yana da lof, sifiri ke nan. Makin farko ana kiransa 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma ya ci gem. Kullum makin mai sabis ake fara faɗa. Idan ɗan Ƙanƙara ne da sabis, ɗan Faskari ya ci maki biyun farko, alƙali zai ce 0-30. Ka riƙe wannan da kyau, don yawancin gardamar 'yan koyo daga nan take tashi.

Idan aka kai 40-40, an shiga diyus. Daga nan maki ɗaya ba ya kashe gem. Wanda ya ci na gaba ya sami adibantej, abin da ake rubutawa AD a allon talabijin. In ya ƙara ci, gem nasa ne. In ya zubar, sai a koma diyus, ko sau goma ne. Wasu gasanni suna yanke wannan da maki ɗaya tak, don haka a tambayi ƙa'ida kafin a fara.

A wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019, Roger Federer yana gaba da 8-7 a set na biyar, sabis a hannunsa, lissafi 40-15. Maki ɗaya ya rage masa ya ɗauki kofi. Novak Djokovic ya ci ɗaya aka koma 40-30, ya ƙara aka yi diyus, daga baya ya sami adibantej ya ƙwace gem ɗin, kuma shi ya tafi da kofin. A ganina babu darasin da ya kai wannan nuna cewa 40 ba ci ba ne.

Set kuwa na wanda ya fara cin gem shida ne da ratar biyu, kamar 6-4. In an yi 5-5 ana iya gamawa 7-5. In an yi 6-6, galibi sai taibirek.

A taibirek ajiye 15, 30 da 40 gefe, ka ƙirga 1, 2, 3. Wanda ya fara kai 7 da ratar biyu shi ya ci. 7-5 ya wadatar, amma 7-6 sai an ci gaba har a sami 8-6 ko 9-7, ko abin da ya fi haka. Wurin da ake tuntuɓe shi ne juyin sabis. A ce layi ya zo kan ɗan Ƙanƙara. Zai yi sabis na maki ɗaya kacal, daga ɓangaren dama. Sai ɗan Faskari ya karɓa ya yi biyu, na farko daga hagu, na biyu daga dama. Daga nan bibbiyu za a riƙa yi. Duk lokacin da jimillar maki ta cika shida, ko sha biyu, sai a sauya gefen fili. Lura da nan: sabis na maki na shida da na bakwai duk na ɗan Faskari ne, wato zai buga ɗaya, a sauya gefe, sannan ya ƙarasa ɗayan. Da yawa suna miƙa ƙwallo ga abokin wasa da zarar an sauya gefe, kuma kuskure ne.

Idan lissafi ya ɓace muku, ku haɗa makin biyun. In jimillar tana rabuwa biyu daidai, kamar 4-2, sabis daga dama yake. In ba ta rabuwa, kamar 4-3, daga hagu ne. Wanda ya ga kansa a dama alhali ana cewa 4-3, to akwai makin da aka tsallake ko ɓangaren da aka saɓa.

Bayan an gama, ana rubuta set ɗin 7-6, kuma wanda ya fara sabis a taibirek shi zai tari sabis ɗin abokin wasansa a gem ɗin farko na set mai zuwa. Tun 2022 manyan gasanni huɗu na duniya suna kai taibirek na set ɗin ƙarshe zuwa maki 10, da ratar biyun nan dai.

In kuna wasa babu alƙali, mai sabis ya ɗaga murya ya faɗi lissafi kafin kowane maki, abokin wasansa ya amsa, sannan ya jefa ƙwallo.