Memori da filash na jabu: me ya sa adadin da ke jikinsu ba hujja ba ne

A Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, matasa da yawa ba sa kallon fim ta intanet saboda tsadar data da raunin sabis a ƙauyuka. Sukan je shagon masu turi a cika musu memori da finafinai, waƙoƙi da karatuttukan malamai. Shi ya sa idan aka samu memori mai giga 64 da araha sai a ga an yi dace. Matsalar ita ce, ba kowane memori da aka rubuta wa 64GB ne ke ɗaukar giga 64 ba, kuma waya da kanta ba za ta tona asirinsa ba.

Yadda ake shirya ƙaryar

A cikin kowane memori ko filash akwai sassa biyu. Ɗaya shi ne ma'ajin da bayanai ke zama, ɗayan kuma ɗan ƙaramin sashe ne mai kula da shige da fice. Idan aka sa memori a waya, ba ta auna ma'ajin. Mai kular kawai take tambaya, duk adadin da ya faɗa mata shi za ta nuna. Masu haɗa jabu sukan ɗauki ma'aji mai giga 8, su sauya umarnin da ke cikin mai kular domin ya riƙa cewa giga 64 ne, sannan su buga tambarin sanannen kamfani a jiki da kwali. Ke nan rubutun jiki, rubutun kwali da abin da waya ta nuna duk bakinsu ɗaya, domin mutum ɗaya ne ya tsara su.

Abin ya yi kama da sito mai cin buhu 8 wanda mai tsaronsa ke cewa yana cin 64. Duk buhun da aka kawo zai karɓa ya rubuta a littafi. Idan sito ya cika, ko dai ya jefar da sababbin ta ƙofar baya, ko ya fitar da na farko ya sa su a gurbinsu. Littafi cike yake da sunaye, kaya kuwa babu.

Wannan ha'inci bai tsaya a kasuwanninmu ba. A watan Janairun 2023 shafin Review Geek ya sayi wani ma'ajin kwamfuta da ake tallarsa a Amazon a matsayin 16TB. Da aka fasa shi, ƙaramin memori mai giga 64 aka tarar a ciki.

Misali daki-daki

A ɗauka wani ɗalibi a Kazaure ya sayi memori mai 64GB wanda ainihinsa giga 8 ne. A shago an tura waƙa guda ta buɗe, ya biya ya tafi. Wannan gwaji bai nuna komai ba, domin waƙar ta faɗa ne cikin ɓangaren gaskiya.

Ainihin wurin da yake da shi bai wuce kusan giga 7.4 ba. Idan kowane fim megabait 500 ne, finafinai 15 na farko za su yi aiki lafiya. Daga na 16 ne labari zai sauya. Turi zai kammala ba tare da wani gargaɗi ba, sunan fim da girmansa za su fito, amma idan aka taɓa shi ba zai buɗe ba. Idan kuma jabun irin mai komawa farko ne, sababbin fayiloli za su hau kan tsofaffi, har wata rana foldoji su koma wasu haruffa marasa ma'ana, ko waya ta nemi a yi fomatin.

Ɗalibin zai iya yin watanni bai kai giga 7 ba, don haka ranar da matsalar za ta bayyana ya daɗe da manta inda ya saya. Zai zargi bairos ko wayar. Hotunan biki ko aikin makaranta da suka faɗa ɓangaren ƙarya kuwa babu manhajar da za ta dawo da su, domin tun farko ba a ajiye su ko'ina ba. Fomatin ma ba ya magani, sai dai ya share littafin a sake farawa.

Ragin da ba jabu ba ne

Memori na gaskiya ma ba ya nuna adadinsa cif. Kamfanoni suna lissafin giga ɗaya a matsayin bait biliyan 1, Windows kuma tana lissafi da 1,073,741,824. Saboda haka mai 32GB zai nuna kusan 29.8, mai 64GB kusan 59.6, mai 128GB kusan 119. Wannan ragi ba laifi ba ne. Sai dai ganinsa ba ya wanke memori, tunda na jabu ma yana iya nuna 59.6 ɗin.

Gwajin da ke tona asiri

Hanya mafi tabbas ita ce a cika memorin taf, sannan a sake karanta duk abin da aka zuba. Manhajar H2testw, wadda mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ta fitar kyauta, wannan aikin take yi a Windows. Ana sa memorin babu komai a cikinsa, a zaɓe shi ta Select target, a bar zaɓin all available space, sannan a danna Write + Verify. Za ta cika shi da fayiloli masu giga ɗaiɗai, ta dawo ta duba su ɗaya bayan ɗaya.

Idan memori na ƙwarai ne za ta rubuta Test finished without errors. A irin na ɗalibin nan kuwa, sakamakon zai yi kama da wannan:

```
The media is likely to be defective.
7.4 GByte OK
52.1 GByte DATA LOST
```

Layi na biyu shi ne ainihin girman memorin. Gwajin yana cin lokaci: idan ana rubuta megabait 10 a daƙiƙa, cika giga 64 zai kusa awa biyu, kafin a zo karantawa, don haka a tabbatar laftof na da caji. Mai gaggawa zai iya amfani da ValiDrive, wadda Steve Gibson ya fitar a 2023. Ita wurare 576 take taɓawa daga farkon ma'aji zuwa ƙarshensa, ba ta cika shi. Masu Linux kuma suna da F3.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin gwajin da waya. Ya yi ta kwafar manyan bidiyoyi zuwa memorin har ya kusa cika, sannan ya kashe wayar ya kunna, domin kada ta nuna masa abin da ta riƙe na wucin gadi. Daga nan ya buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe, yana jan kowanne zuwa tsakiyarsa da ƙarshensa. Manhajojin da ke karanto sunan kamfani kawai, irin su SD Insight, suna taimakawa, amma ba sa auna girma.

Kafin a biya kuɗi

Alamomi biyu suna saurin tona jabu. Na farko farashi: idan mai giga 128 bai fi kuɗin mai giga 16 ba, arahar ba ta banza ba ce. Na biyu tambari: a ƙa'idar ƙungiyar SD Association, SDHC yana tsayawa ne a 32GB, daga nan zuwa 2TB sai SDXC. Memorin da aka buga wa 64GB tare da tambarin SDHC ya tona kansa.

Sau da yawa mai shago ma bai san jabu ne ba, yadda ya saro haka yake sayarwa. Don haka abin da ya fi shi ne a yi sharaɗi da shi tun kafin biya: za a gwada a ranar, idan ya faɗi a dawo da shi tare da hoton sakamakon. Kafin a kammala gwajin, kada a mayar da wani hoto ko takarda cikin sabon memori a goge na asali.